Waya Uku, Ma'auni Ɗaya: Sharhi kan Mayar da Sakin Layi Jadawalin Kwatance

Duk wanda ya taɓa neman shawara kan wayar da zai saya ya san irin amsar da ake bayarwa. Za a jero masa wayoyi biyu ko uku, a yabi kowace da abin da ta fi shahara da shi, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, amma idan aka ce to wacce za ka ɗauka sai ya yi shiru. Ba ƙarya aka yi masa ba, kuma ba bayanin ne ya yi kaɗan ba. Matsalar ita ce kowace waya an amsa mata tambayarta daban. An faɗi girman allon wannan, an faɗi batirin waccan, an faɗi arahar ta ukun, sai aka bar mai saye da amsoshi uku na tambayoyi uku da ba su haɗu a ko'ina ba.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne a mayar da bayanin jadawali, wayoyin a jere kafaɗa da kafaɗa. Shawara ce mai kyau, sai dai da yawa suna ɗaukar aikin a matsayin kwashe kalmomi daga sakin layi a zuba su cikin gidaje. Wanda ya yi haka bai gyara komai ba. Jadawali yana amfani ne idan kowane layinsa tambaya ɗaya ce da aka yi wa wayoyin uku, aka kuma karɓi amsar da ma'auni ɗaya. Ba a auna masarar wani da mudu, ta wani da tiya, ta wani da tafin hannu, sannan a ce ga wanda ya fi yawa.

Bari mu bi aikin da misali. A ce wani bakanike a ɗaya daga cikin garejojin Kurmin Mashi, kusa da hanyar Nnamdi Azikiwe a Kaduna, yana son canza waya. Aikinsa da ita sananne ne: ya ɗauki hoton kayan gyaran da ya lalace ya tura wa dilan Panteka ta WhatsApp, ya karɓi saƙon murya daga masu motoci, ya duba ko kuɗi sun shigo. Ya aiki ƙanensa cikin gari ya dubo masa, ƙanen ya zaga shagunan waya na wajen titin Ahmadu Bello, ya dawo ya rubuta masa wannan:

"Yaya, na ga guda uku. Tecno Spark 10 Pro tana da RAM har 16GB, allonta babba ne, inci 6.8, kyamarar gaba 32MP, ga saurin caji. Samsung Galaxy A14 kuwa allonta tangaran yake, kyamara uku gare ta a baya, batirinta 5000mAh, kuma ka san Samsung da ƙarko. Ita Redmi 12C ta fi su sauƙin kuɗi, kyamararta 50MP, batirinta yana kwana biyu, tana da 128GB."

Wayoyin uku na gaske ne, dukkansu sun shigo kasuwannin duniya a shekarar 2023, kuma irin wannan bayani shi ake ji kullum a bakin masu shago.

Matakin farko: tsamo tambayoyin

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a bi sakin layin jimla bayan jimla ana tambaya: wannan maganar amsar wace tambaya ce? "Inci 6.8" amsar girman allo ce. "Tangaran" ba girma ba ne, amsar kaifin allo ce, don haka tambaya ce ta daban ko da yake duk maganar allo ake yi. "32MP" ta kyamarar gaba ce, "50MP" ta kyamarar baya, kuma wanda ya zuba su a layi ɗaya mai suna "kyamara" ya sa Redmi ta doke Tecno a gasar da ba a yi ba.

Idan aka gama tsintar, tambayoyi goma ne ke ɓoye cikin wannan ɗan rubutu. A sa su a layin tsaye na farko, wayoyin uku a sama, a zuba abin da sakin layin ya faɗa kawai, ba ƙari ba ragi:

| Ma'auni | Tecno Spark 10 Pro | Samsung Galaxy A14 | Redmi 12C |
|---|---|---|---|
| RAM | har 16GB | ? | ? |
| Ma'ajiya | ? | ? | 128GB |
| Girman allo | inci 6.8 | ? | ? |
| Kaifin allo | ? | tangaran | ? |
| Kyamarar baya | ? | guda uku | 50MP |
| Kyamarar gaba | 32MP | ? | ? |
| Batir | ? | 5000mAh | kwana biyu |
| Caji | mai sauri | ? | ? |
| Ƙarko | ? | an san ta | ? |
| Farashi | ? | ? | ta fi sauƙi |

Gidaje talatin ne, goma sha biyu kacal ke da abu a ciki, goma sha takwas babu komai. Abin da ya fi wannan ɗaukar hankali shi ne babu layi ko ɗaya da wayoyin uku suka amsa gaba ɗaya. Layi biyu ne kawai ke da amsa biyu, kuma a duka biyun amsoshin ba sa kwatantuwa: ɗaya ta ƙirga yawan kyamarori, ɗaya ta faɗi ƙarfin guda, ɗaya ta ba da adadin da ke jikin batir, ɗaya ta ba da kwanaki. Sakin layin da ya yi kama da cikakken kwatance ashe bai kwatanta komai ba.

Wannan jadawali mai ramuka shi ne mafi amfanin abin da aikin ke haifarwa, domin ya zama jerin tambayoyin da za a koma shago da su. A nan ne kuma mutane ke yin kuskure mafi muni, wato cike ramin da zato. Tun da ba a faɗi kyamarar bayan Tecno ba, sai wani ya rubuta "babu bayani" a wani gida, ya ja ɗan layi a wani, ya bar wani fili, mai karatu ya kasa gane ko wayar ce ba ta da abin ko marubucin ne bai bincika ba. Abu biyu ne daban, kuma kowanne na bukatar alamarsa. Idan wayar ba ta da abu, a rubuta "babu". Idan ba a bincika ba, a sa alamar tambaya har sai an bincika.

Mataki na biyu: daidaita ma'auni

Layin RAM ya fi kowanne bukatar tsayawa. Spark 10 Pro ba ta da ƙwayar RAM mai 16GB. Babban samfurinta 8GB gare shi, sauran 8GB ɗin aro ne daga ma'ajiyar wayar, dabarar da Tecno ke kira Memory Fusion. Ma'ajiya ba ta kai RAM na ainihi sauri ba, don haka abin da aron ke yi shi ne taimaka wa manhajojin da aka bari a buɗe kada su rufe da wuri, ba ya mayar da wayar mai 16GB. Ba Tecno kaɗai ke da wannan dabara ba: Samsung na da tata mai suna RAM Plus, wayoyin Redmi ma suna da irinta. Idan aka rubuta 16 a gidan Tecno aka rubuta 4 a gidan Samsung, an haɗa wa ɗaya da aro an hana ɗaya. Ma'auni ɗaya shi ne RAM na ainihi ga kowa, sai a sa wa layin wannan suna ƙarara. Tecno ce dai ke gaba bayan gyaran, amma da ninki biyu, ba huɗu ba.

Layin batir ma haka. "Kwana biyu" ya dogara ga wanda ke riƙe da wayar: mai kira da amsa saƙo zai iya kaiwa, mai kallon bidiyo daga safe zuwa dare ba zai kai ba. Adadin da za a iya nema wa kowace waya shi ne mAh, kuma da aka nema sai ga shi duka ukun 5000mAh ne. Kyamarar baya ma da aka tambayi babbar kowace, duka ukun 50MP ne. Abubuwa biyu da sakin layin ya yi wa Samsung da Redmi kirari da su sun zama abin da kowa ke da shi.

Siffofi irin su "tangaran" da "mai sauri" sai a nemo adadin da ke bayansu. Kaifin allo ana gane shi da yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, a faɗi da kuma a tsawo. Galaxy A14 tana da 1080 × 2408, Spark 10 Pro 1080 × 2460, Redmi 12C kuwa 720 × 1650. Idan aka ninka, Redmi na da ɗigo kusan miliyan 1.2, sauran biyun kowace ta kai miliyan 2.6 ko ta ɗan haura. Ke nan yabon da aka yi wa allon Samsung gaskiya ne, amma Tecno ma ta cancance shi, kuma bambancin ainihi yana tsakanin su biyun ne da Redmi. Ga wanda zai buɗe hoto ya karanta 'yar lambar da ke jikin kayan gyara, wannan bambanci ne da ido ke gani.

Caji ana auna shi da W. Tecno na karɓar 18W, Samsung 15W, Redmi 10W. Batir mai 5000mAh yana ɗauke da kusan 19Wh na wuta, don haka a lissafin takarda caja mai 10W za ta bukaci kusan awa biyu, mai 18W kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. A zahiri kowace tana wuce haka, saboda wata wutar na tafiya a zafi kuma waya na rage gudun caji idan ta kusa cika. Amma tazarar tana nan, kuma a unguwar da ake kawo wuta a ɗauke ba sallama, abin da waya ta iya sha a awa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na uku: tabbatar da wace waya ake magana

Suna ɗaya ba waya ɗaya ba ne. Galaxy A14 iri biyu ce, akwai mai 4G akwai kuma Galaxy A14 5G, kuma cikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauko rabin bayaninsa daga kwalin wannan, rabi daga na waccan, ya zana wayar da babu ita a kowane shago. Haka kuma kowace daga cikin ukun tana zuwa da girma daban-daban: akwai Redmi 12C mai 64GB akwai mai 128GB, akwai Spark 10 Pro mai 128GB akwai mai 256GB. Abin da ke yawan faruwa shi ne a faɗi ma'ajiyar babban samfuri sannan a faɗi farashin ƙarami, ba lalle da niyyar cuta ba, sau da yawa don an ji su ne a bakin mutum biyu.

Saboda haka kan kowane layin tsaye dole ya ɗauki cikakken suna da girman da ake nufi, kuma ya fi kyau a zaɓi girma ɗaya ga duka. A misalinmu a ce an tsaya kan masu 128GB. Wurin tabbatarwa shi ne jikin kwali da kuma cikin wayar kanta, a Settings sannan About phone. Idan ana shakkar ko kwalin na wayar ne, a danna `*#06#` a ga lambar IMEI, a gwada ta da wadda ke jikin kwalin.

Mataki na huɗu: ragi, ƙari da jeri

Ba kowace tambaya da sakin layi ya kawo ce ta cancanci layi ba, kuma ba duk tambayar da ta cancanta ce ya kawo ba. "Ƙarko" ra'ayi ne, babu adadin da za a sa a gidajen uku, sai a fitar da shi daga jadawali a mayar da shi ƙasa a matsayin magana. Amma damuwar da ke bayan kalmar gaskiya ce, domin waya a gareji faɗuwa take yi. Tambayar da za a iya amsawa da adadi ita ce nawa ne kuɗin canza allo idan ya fashe, kuma mai gyaran waya ne ke da amsar, ba mai sayarwa ba. A tambayi mai gyara ɗaya kan wayoyin uku a rana ɗaya.

Akwai kuma abin da babu wanda ya ambata: bakin caja. Tecno da Samsung suna amfani da USB-C, Redmi 12C kuwa tsohon bakin micro-USB gare ta. Wanda ya saba aron caja a wurin aiki zai so sanin wannan kafin ya biya kuɗi. Ba a gano irin wannan gibin ta hanyar karanta sakin layi, sai ta tambayar mai sayen yadda yininsa yake tafiya.

Jerin layukan ma magana ne. Ido na fara sauka a sama, don haka abin da ya fi damun mai saye shi ke hawa sama, abin da wayoyin suka yi kunnen doki a kai ya sauka ƙasa. Ba a share layukan kunnen doki, domin su ne ke nuna wa mai karatu cewa kada ya ƙara ko kwabo saboda batir. Ga yadda jadawalin ya koma:

| Ma'auni | Tecno Spark 10 Pro (128GB) | Samsung Galaxy A14 4G (128GB) | Redmi 12C (128GB) |
|---|---|---|---|
| Farashi a yau (₦) | ? | ? | ? |
| Kuɗin canza allo (₦) | ? | ? | ? |
| RAM na ainihi (GB) | 8 | 4 | 4 |
| Ƙarfin caji (W) | 18 | 15 | 10 |
| Bakin caja | USB-C | USB-C | micro-USB |
| Kaifin allo (ɗigo) | 1080 × 2460 | 1080 × 2408 | 720 × 1650 |
| Girman allo (inci) | 6.8 | 6.6 | 6.71 |
| Kyamarar gaba (MP) | 32 | 13 | 5 |
| Babbar kyamarar baya (MP) | 50 | 50 | 50 |
| Batir (mAh) | 5000 | 5000 | 5000 |

A lura cewa ma'aunin kowane layi an rubuta shi sau ɗaya a gefen sunansa, gidajen kuma adadi kawai suka ɗauka, abin da ke sa ido ya bi layi daga hagu zuwa dama ba tare da tuntuɓe ba. RAM ɗin Samsung da Redmi na samfurin da muka ɗauka a misali ne, domin kowace tana da mai 6GB ma, kuma Tecno tana da mai 4GB.

An bar gidajen kuɗi da alamar tambaya da gangan. Sauran adadin ba sa canzawa muddin wayar ita ce, amma farashi ɗan rana ɗaya ne. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, kowa ya ga yadda kuɗin kayan da ake shigowa da su ke iya sauyawa cikin 'yan makonni. Farashin da aka ji a Kaduna makon jiya da wanda aka ji a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano wata biyu da suka wuce ba sa zama a layi ɗaya. A cike gidajen uku a rana ɗaya, a rubuta kwanan wata a ƙasan jadawalin, a kuma tabbatar duka na sabuwa ne ko duka na hannu ne.

Zana jadawalin kansa ba wuya. Takarda da biro da rula sun isa: layi huɗu a tsaye, goma sha ɗaya a kwance. Mai aiki da Word sai ya shiga Insert ya zaɓi Table. Idan kuma ya riga ya rubuta kowane ma'auni a layinsa ya raba amsoshin da maɓallin Tab, sai ya zaɓi rubutun ya yi amfani da Convert Text to Table. Wayoyin su hau sama, ma'aunan su sauka gefe, saboda ma'aunai sun fi yawa kuma allon waya ya fi ɗaukar tsawo bisa faɗi.

Inda jadawali ke tsayawa

Masu sukar wannan hanya suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa jadawali na sa mutum ya ɗauka abin da ake iya ƙirgawa shi kaɗai ne abin dubawa. Layin kyamarar baya shaida ne: 50, 50, 50, amma hotunan wayoyin uku ba iri ɗaya suke fitowa ba, domin kyawun hoto ya dogara ga gilashin kyamara da yadda manhajar wayar ke sarrafa haske, ba yawan ɗigo kaɗai ba. Galaxy A14 ma tana da wata kyamara mai 5MP ta ɗaukar wuri mai faɗi, wadda wannan layin bai nuna ba. Wanda hoto ya dama sai ya ɗauki abu ɗaya da wayoyin uku a cikin shagon ya duba da idonsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: wanda ya zaɓi layuka ya riga ya zaɓi gwani. Mai shagon da ke son sayar da Tecno zai iya cika jadawalinsa da kyamarar gaba da girman allo da RAM na aro, ya bar duk inda ba ta yi fice ba, kuma kowane adadi a ciki gaskiya ne. Ana gane irin wannan jadawali idan waya ɗaya ta cinye kowane layi, ko kuma babu layin farashi. Kariyar ita ce mai saye ya kawo tambayoyinsa kafin a duba amsar kowace waya.

Matsala ta uku daga mai karatu take zuwa, wato ƙirga yawan layukan da kowace ta ci. A jadawalinmu Tecno ce ke gaba a yawancin layukan da aka cike, amma layuka ba nauyinsu ɗaya ba. Kyamarar gaba mai 32MP ba ta ƙara wa bakanike komai, alhali layi biyu na sama, waɗanda har yanzu babu amsa a cikinsu, su ne za su iya juya hukuncin baki ɗaya. Idan Redmi ta yi ƙasa sosai a farashi kuma allonta ya fi arahar canzawa, mai ƙaramin ƙarfi zai iya haƙura da jinkirin caji ya ɗauke ta, kuma bai yi wauta ba.

Shi ya sa ba a jefar da sakin layi bayan an zana jadawali, aikinsa ne kawai ke canzawa. A da shi ke ɗauke da adadi, yanzu sai ya koma ƙasan jadawali ya faɗi abin da adadin ke nufi ga wannan mutum, cikin jimla biyu ko uku: "Yaya, batir da kyamarar baya duk ɗaya ne a takarda, kada su ruɗe ka. Tecno ta fi RAM da saurin caji, Redmi ce ke baya a allo da bakin caja. Bari in jiyo farashi da kuɗin allo gobe kafin ka yanke."

Hukuncin dai shi ne mayar da irin wannan bayani jadawali ya cancanci wahalarsa duk lokacin da abubuwan kwatance suka kai uku kuma tambayoyin suka haura huɗu ko biyar, domin daga nan ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe su a jere. Amma sharaɗin yana nan: kowane layi tambaya ɗaya, ma'auni ɗaya, samfurin da aka ambata da cikakken sunansa, farashin rana ɗaya. Mai karatu, idan aka miƙo maka jadawalin da kowane gida ya cika, ka ɗauki layi ɗaya ka tambayi wanda ya zana shi inda ya samo amsoshin uku. In ya kasa nuna maka kwali, ko cikin wayar, ko mai gyaran da ya tambaya, ka mayar da alamar tambaya a gidan kafin ka fitar da kuɗinka.